Karanta Lafiyar Gona Daga Hoton Sama: Tambayoyi da Amsoshi

Na buɗe hoton gonata na tauraron ɗan'adam, wani wuri kore shar, wani ya yi rawaya-rawaya. Rawayan nan cuta ce?

Launi shi kaɗai ba ya faɗin dalili. Ƙarancin taki, kwanciyar ruwa, ƙishirwa, ɓarnar tsutsa da rashin tsiro duk suna iya fitowa da kama ɗaya idan an hango su daga sama, domin abin da kyamara take gani shi ne koren ganye ya ragu, ƙasa ta fara leƙowa. Abin da ke bambanta su shi ne siffar tabon da yadda bakinsa ya tsaya.

Tabon da bakinsa ya miƙe sambal, ko ya yi kusurwa, ko ya bi layin kunya, kusan kullum aikin hannu ne ko na inji. Ƙasa da ƙwari ba sa ja layi. Wataƙila a nan taki ya ƙare, ko an shuka ɓangaren a wata rana daban, ko an sauya iri. Idan ka ga ratsi-ratsi masu maimaita kansu a tazara ɗaya, auna tazarar, sau da yawa za ka tarar ta yi daidai da faɗin injin watsa taki ko na feshi.

Tabon da ya lanƙwasa yana bin gangare ko kwari, bakinsa kuma a dishe, kore yana raguwa sannu a hankali, wannan maganar ƙasa ce da ruwa. A kwari ruwa yana kwanciya ya shaƙe saiwa, a kan tudu mai yashi kuwa danshi ne ke saurin tafiya. Shi kuma tabo mai zagaye wanda yake faɗaɗa daga hoto zuwa hoto, ko wanda ya faro daga bakin gona yana kutsawa ciki, shi ya fi kama da cuta ko ƙwari. Sai dai a kula da bishiyoyin kan iyaka: inuwarsu da saiwarsu ma suna raunana layukan da ke kusa.

Hoton da ake samu kyauta zai isa, ko sai na nemi jirgi mara matuƙi?

Girman abin da kake nema ne zai raba gardama. A hoton Sentinel-2, tauraron ɗan'adam da ake samun hotonsa kyauta, kowane ɗigo na hoton yana ɗauke da mita 10 tsawo da mita 10 faɗi, wato hekta ɗaya ɗigo 100 ce kacal, kuma ana samun sabon hoto kusan kowane kwana 5 idan gajimare bai rufe ba. Ɗigon Landsat, wani tauraron daban, ya fi girma, mita 30. Tabon da faɗinsa bai kai mita 20 zuwa 30 ba da wuya Sentinel-2 ya nuna shi sarai. Jirgi mara matuƙi kuwa, daga tsayin mita 100, yana ba da ɗigo na 'yan santimita, har ka ƙirga gurbin da bai tsira ba. Tauraron ya fi dacewa da bin sauyi mako-mako, jirgin kuma da duba tabon da aka riga aka gano.

Mene ne NDVI da nake gani a manhajoji, kuma ta yaya zan mayar da shi lissafi?

Ganye mai lafiya yana shanye jan haske, yana kuma mayar da mafi yawan wani haske da ido ba ya gani, wanda ake rubutawa NIR. NDVI yana gwada biyun ne. A Sentinel-2 jan haske shi ne B4, NIR kuma B8:

```
NDVI = (B8 - B4) / (B8 + B4)
```

Ƙasa tsirara takan ba da wajen 0.1 zuwa 0.2, shukar da ta rufe ƙasa takan kai 0.6 zuwa 0.9, ruwa kuma yakan sauka ƙasa da sifili.

Ɗauki misalin gonar masara mai mita 200 kowane gefe, wato hekta 4, ɗigo 400. Kafin komai a zubar da layin ɗigon da ke kan iyaka gaba ɗaya, domin kowannensu ya haɗa masara da hanya, ko shinge, ko gonar maƙwabci. Saura 18 sau 18, wato 324. A ɓangaren da ya yi kyau, a ce B8 ya ba da 0.45, B4 kuma 0.05: 0.40 a raba da 0.50, an sami 0.8. A cikin tabon, B8 0.30 ne, B4 0.12: 0.18 a raba da 0.42, kusan 0.43. Idan tabon ya ci ɗigo 45, faɗinsa murabba'in mita 4,500 ke nan, ɗan ƙasa da rabin hekta, kusan kashi 14 cikin 100 na wurin da aka auna.

Wannan zubar da iyaka shi ne yake cutar ƙananan gonaki. Gona mai hekta ɗaya ɗigo 64 kawai take bari, wadda ba ta kai rabin hekta ba kuwa kusan rabinta ko fiye baki ne.

Kada a ɗauki 0.43 a matsayin hukunci. Ga masara 'yar sati uku wannan adadi ba laifi ba ne, ga wadda ta kusa fitar da kai kuwa matsala ce. Abin gwadawa shi ne sashen gonar da ya fi kyau, iri ɗaya, ranar shuka ɗaya, a hoto ɗaya.

Me yake sa hoto ya yaudari mutum?

Ciyawa ce kan gaba. Kore ce ita ma, don haka gonar da ciyawa ta cinye tana iya ba da adadi mai kyau. Alamarta ita ce kore ya hau da wuri fiye da shekarun shukar, a hoton jirgi kuma layukan kunya sun ɓace. Sai inuwar gajimare, wadda take yin tabo mai duhu: duba ko akwai farin gajimare mai siffa irin tasa a kusa, ko ka buɗe hoton wata rana, za ka ga babu shi. Akwai kuma manhajojin da suke shimfiɗa launi daga ja zuwa kore bisa adadin wannan hoton kaɗai, har 0.75 ya fito jawur don kawai sauran gonar 0.8 ce. Karanta lambobin ma'aunin launi, ba launin ba. Idan shuka ta rufe ƙasa ruf, NDVI yakan ƙoshi, ya daina bambanta mai kyau da mafi kyau. A lokacin NDRE, wani ma'auni irin NDVI wanda ba ya saurin ƙoshi, ya fi amfani.

Ga mai jirgi, a tashi kusa da tsakar rana don inuwa ta gajarta, hotuna kuma su hau juna da kashi 70 zuwa 80, in ba haka ba wurin ɗinkinsu zai fito kamar iyakar tabo.

Na gano tabon. Sai me?

Nemi hoton wurin na bara da na lokacin da gonar take tsirara. Tabon da yake dawowa wuri ɗaya da siffa ɗaya kowace shekara na ƙasa ne, feshi ba zai taɓa shi ba. Sannan ka ɗauki lambar GPS ta wurin a waya ka je da ƙafa, ka tsaya wuri uku: tsakiyar tabon, bakinsa, da sashe mai kyau. Bakin ya fi ba da labari idan cuta ce, domin nan take sabuwa, tsakiya kuwa ta riga ta lalace. Ƙirga tsirrai a layi mai tsawon mita 10 a kowane wuri, ka tona ka ga saiwa da danshi, ka juya bayan ganye. A masara, idan ganyen ƙasa ne suka yi rawaya daga tsini, rawayan yana bin jijiyar tsakiya, naitirojin ne ya gaza. Idan kuma ƙasar wurin a jiƙe take sharkaf, ruwan ne ya jawo gazawar, kuma sai an buɗe masa hanya kafin ƙarin taki ya yi aiki.