Tela da bashin haraji: yadda ake neman a biya kashi-kashi

Ni tela ne, haraji ya taru a kaina har wa'adi ya wuce. Zan iya rubuta wa ofishin haraji su bari in riƙa biya kaɗan-kaɗan?

Za ka iya, kuma yau ya kamata ka rubuta. Ofisoshin haraji da yawa suna karɓar irin wannan roƙo, domin sun fi son kuɗi ya riƙa shigowa da su rufe shago su tashi a tutar babu. Amma roƙo ne, suna iya amincewa, suna iya ƙi.

Ba zai wadatar in je in yi wa jami'in bayani da baki ba?

A'a. Jami'in da ya ce maka "ba komai" ana iya canja masa wurin aiki gobe, wanda ya gaje shi kuma abin da ke cikin fayil kaɗai zai duba. Ka rubuta kwafi biyu, ka miƙa ɗaya, a buga maka hatimi da kwanan wata a ɗayar, ka ajiye ta inda kake ajiye takardar hayar shago.

Nawa zan ce zan riƙa biya duk wata?

Nan ne teloli suke yanke wa kansu ƙafa, don haka bari in tsaya a kai. Mutum yana rubuta wasiƙar a lokacin da ɗinki ya yi masa yawa, yaduka sun cika kanta, keke ba ya hutawa, sai ya ɗauki alkawari da ma'aunin wannan watan. Wata biyu a gaba aiki ya ɗauke, ya kasa cikawa. A mafi yawan irin wannan yarjejeniya kuwa, in ka tsallake biya, ana iya soke ta, ragowar bashin gaba ɗaya ya faɗo maka a lokaci guda, kuma roƙonka na biyu ba zai samu kunnen da na farko ya samu ba.

Ɗauko littafin da kake rubuta awo da kuɗin kwastomomi, ka bi shekarar da ta wuce wata-wata. Daga cinikin kowane wata ka cire haya, wuta, zare, allura, man keke, ladan yaran shago da abin da gida ke ci. Kafin alƙalamin da kwastoma ya ba ka don sayen yadi ko kayan ado kada ka sa shi a lissafi, ba naka ba ne tukuna. Haka ma cikon kuɗin da ake ta yi maka "gobe, jibi" a kansa: sai ya shigo hannu sannan ya zama kuɗi.

A ce bashin 120,000 ne, uwar harajin 100,000, tara da kuɗin ruwa 20,000. A ce kuma littafinka ya nuna wata huɗu na cunkoson aiki da kake rage 30,000, wata biyar da kake rage 12,000, sai wata uku da da ƙyar kake ganin 5,000. In ka ce za ka biya 20,000 duk wata har wata shida, a watan farko da aiki ya lafa ka faɗi. Abin da ya fi, ka lalubo 24,000 ka biya nan take, ka haɗa rasit ɗin da wasiƙar, saura 96,000. Raba shi wata 12, ya zama 8,000 a wata. Ko wannan ma ya fi ƙarfin watanni ukun nan da 3,000 kowanne, saboda haka sai ka ware 9,000 tun a lokacin da ake samu, ka hana kanka taɓa shi.

Akwai wata hanyar: ka roƙi a bar ka ka biya 14,000 a watanni huɗun samu, 5,000 a sauran takwas. Jimla dai 96,000 ce. Wasu ofisoshin suna yarda da haka in ka nuna musu yadda aikinka ke hawa da sauka, wasu kuwa sai biya daidai wa daida. Wata 12 ɗin ma ba lallai su ba ka ba, suna iya cewa ya yi tsawo, ko su nemi ka ƙara abin da za ka fara ajiyewa. In suka rage wa'adin, kada ka sa hannu a tsaye don kunya. Koma ka sake duba littafin, in bai ɗauka ba ka faɗa musu da alƙaluma.

Abu biyu kuma za su ci daga rarar da kake gani a takarda. Harajin bana yana nan zuwa, kuma galibi sharaɗi ne ka biya shi a kan lokaci yayin da kake sauke tsohon. Sannan keke yana iya lalacewa a tsakiyar aiki. Wanda ya ɗaure duk rararsa a yarjejeniya bai bar wa waɗannan wuri ba.

To me zan rubuta a ciki?

Shafi ɗaya. A sama sunanka, sunan shago, adireshi, lambar harajinka da lambar takardar da suka aiko maka. Sai ka shiga magana:

"Ina neman izinin biyan bashin harajin da aka ambata a takardarku, wanda ya kai 120,000, kashi-kashi. Jinkirin ya faru ne saboda keken da nake aiki da shi ya lalace, shago ya tsaya na tsawon lokaci. Na biya 24,000, ga rasit a haɗe. Ina roƙon in biya sauran 96,000 a kan 8,000 ranar 10 ga kowane wata, har wata 12. Zan ci gaba da biyan harajin bana a kan lokacinsa. Ina kuma roƙon a dakatar da matakin karɓar bashi har a duba wannan buƙata."

Sa hannu, kwanan wata, lambar waya. Dalilin ya zama na gaskiya, wanda za ka iya nuna shaidarsa, kamar rasit ɗin mai gyara ko takardar asibiti. Ba a buƙatar tarihin rayuwarka.

Ni fa ban yarda da adadin da suka rubuta ba.

To kada ka cusa wannan cikin wasiƙar roƙo. Ƙalubalantar adadi takarda ce daban mai wa'adinta, kuma wa'adin yakan zo a rubuce a jikin takardar da aka aiko maka. Ka karanta ta! Sau da yawa ana kawo mini ita a ninke cikin aljihu, ba a ko duba bayanta ba. In ka rubuta cewa ka amince da bashin sannan daga baya ka dawo da musu, ka raunana kanka.

In sun amince, ruwan ya tsaya ke nan?

Yawanci bai tsaya ba, yana ci gaba da hawa kan abin da ya rage. Ka nemi su rubuta maka jimlar da za ka biya daga farko har ƙarshe, domin 96,000 ɗin nan zai ɗan haura. Sassaucin tara kana iya roƙonsa a layi ɗaya, amma kada ka gina lissafinka a kansa.

Na kai wasiƙa, shiru. In jira?

Kada ka jira. Fara biya a ranar da ka rubuta, ta hanyar da ofishin ya tanada, da lambar harajinka a jiki, ka karɓi rasit. Kuɗi a hannun wani da ya ce zai "shigar maka" ba biya ba ne. Ka kuma duba ko akwai takardar bayyana kuɗin shiga ta wata shekara da ba ka cike ba, domin wannan kaɗai yana iya sa a ajiye roƙonka gefe.

Za su zo su kwashe min kekuna?

Kwantar da hankalinka. Kwashe kaya mataki ne da ke zuwa bayan sanarwa da gargaɗi, kuma ya fi faɗa wa wanda ya yi kunnen uwar shegu da takardu. In ka hango wani wata ba za ka iya cikawa ba, rubuta musu kafin ranar biya, ka aika abin da ya samu, ka faɗi ranar da za ka ciko sauran.