Jera amfanin kaya a saman talla

Jera amfanin kaya a saman talla hanya ce ta tsara bayanin haja a gajerun layuka masu ɗigo, yadda mai saye zai ga abin da kayan za su yi masa tun bai ja allon waya ba.

Asali

Dabarar ta samo tushe daga gidajen jarida. Manyan jaridu a ninke ake shimfiɗa su wurin sayarwa, rabin sama kaɗai mai wucewa ke gani, shi ya sa editoci ke ajiye babban labari a nan. Wajen tsakiyar shekarun 1990 masu tsara shafukan intanet suka ari wannan tunani. A 1997 Jakob Nielsen, mai binciken yadda mutane ke amfani da shafukan intanet, ya ruwaito cewa kashi 79 cikin ɗari na mutanen da aka gwada tsallake-tsallake suke yi, ba sa bin rubutu kalma bayan kalma. Binciken kamfanin Nielsen Norman Group na 2010 ya nuna kusan kashi 80 na lokacin kallo yana ƙarewa a ɓangaren da ya fara bayyana. A 2018 adadin ya sauka zuwa 57, wato mutane sun saba da jan allo, amma har yanzu sama ke da rinjaye.

Yadda ake jerawa

Gurbin kaɗan ne. Hoto ya riga ya cinye yawancin allon, Instagram kuma yakan yanke bayani a wajen haruffa 125 ya sa "more". Saboda haka layi biyu ko uku na farko su ne tallar.

A ɗauki mai sayar da shadda a Kantin Kwari. Sau da yawa yakan buɗe da sallama, sunan shago da lambar layi, kafin ya zo kan kayan an yanke rubutun. Alamar hakan ita ce masu saye su yi ta tambayar "nawa ne?" alhali farashin na rubuce a ƙasa. Gyaran shi ne a fara da abin da mai saye ya fi tsoro:

• Ba ta zuba a wanki
• Yadi biyar cif, ya isa riga da wando
• Farashi, da aikawa ta tasha

Kalmar da ta fi nauyi ita ke buɗe kowane layi, don ido gefen hagu yake bi. Kada layi ya zarce faɗin allo, domin in ya karye ya ture na ƙasansa. Sallama da adireshi suna nan, sai dai sun koma ƙasa. Kuma "ba ta zuba" alkawari ne: in ba gaskiya ba ne, kada a rubuta.

Saɓani

Wasu 'yan kasuwa na ɓoye farashi don a yi ciniki, wasu na ganin hakan korar mai saye yake yi.