Yadda za ka gabatar da kanka a gaban kwamitin tallafin karatu

Malam, an kira ni intabiyu ta tallafin karo karatu. Na san za a ce in gabatar da kaina, ni kuma a gida an tashe mu a kan cewa yabon kai jahilci ne. Yaya zan yi?

Yabon kai shi ne ka yanke wa kanka hukunci: ni haziƙi ne, ni mai gaskiya ne, ni shugaba ne tun ina ƙarami. Waɗannan kalmomi su ne ke yi wa harshenka nauyi, kuma ba su da amfani a wurin kwamiti, domin wanda ya fito kafin ka shiga ma su ya faɗa. Ba da labarin abin da ka aikata kuwa shaida ce. Ka faɗi aikin, ka bar musu hukuncin. Annabi Yusuf (AS) da kansa ya nemi a ɗora shi a kan taskokin ƙasar Masar, ya ambaci tsare amana da sani, abubuwa biyun da aikin yake bukata, bai ƙara ba.

A ce ka karanta kemistiri a Jami'ar Bayero, ka fita da maki 4.1 cikin 5, kana kuma taya kawunka zama a shago a Kantin Kwari. Bayan sallama da sunanka, sai ka ce:

"Na gama digirina na kemistiri a Bayero da 4.1. A aikin bincikena na shekarar ƙarshe na ɗebi ruwan rijiyoyi 12 a unguwannin da ke bakin kogin Jakara, na auna ƙarafa masu guba da ke ciki. Na'urar ta lalace muna tsaka da aiki, sai na nemi izini na ƙarasa a wani ɗakin gwaji. Duk shekarun nan ni nake riƙe littafin lissafin shagon kawuna a Kwari, da shi na biya kuɗin makaranta. Ina son digiri na biyu a kan tace ruwa, domin abin da na gani a rijiyoyin nan bai bar raina ba."

Babu inda ka ce kai mai juriya ne ko amintacce. Labarin na'urar ya faɗi na farko, littafin shago ya faɗi na biyu, don kowa ya san Alhaji ba ya danƙa wa yaro lissafin dukiyarsa a banza. Wannan bai kai minti ɗaya ba, kuma kowace jimla ƙofa ce da suke iya shiga da tambaya. Shi ya sa kada ka sa abin da ba za ka iya kārewa ba. In rijiya 8 ka auna, ka ce 8.

To in aikin na haɗin gwiwa ne, "mu" zan ce ko "ni"?

Dukansu. Ɗalibanmu na Kano sun fi faɗawa cikin "mun yi, mun je" saboda kawaici, har a tashi ba a san me shi ɗalibin ya yi ba. Ka ce, "Mu huɗu ne, ni aka ba ɗebo ruwan da rubuta sakamako." Ka ba abokanka haƙƙinsu, ka kuma nuna naka kason.

Na rubuta jawabina na haddace. Laifi ne?

Ana ganewa, ƙanena. Murya takan koma irin ta mai ba da hadda a Islamiyya, ido ya kafe a silin, magana ta riƙa gudu babu numfashi. Babbar alama ita ce in wani ya katse ka da tambaya: sai ka rasa inda ka tsaya, ka koma farko kamar wanda aka ɓatar a tilawa. Abin yana ba ni tausayi, domin yawanci yaran da suka fi kowa shiri ne yake kamawa.

Maimakon jimloli, ka riƙe abu uku a ka: abin da ka karanta, aiki ɗaya da ka yi, da inda ka dosa. Ka ba mahaifiyarka labarin da Hausa, gobe ka ba abokinka da Turanci, jibi ka samu wani malaminka ka roƙe shi ya riƙa katse ka da gangan. Kalmomin za su canza kowane karo, haka ake so. Batun sunkuyar da kai kuma, a gida ladabi ne, amma a ɗakin nan ana iya ɗaukarsa rashin tabbas. Ka dubi wanda ya yi tambayar, ka riƙa waiwayar sauran.

In suka tono darasin da na faɗi a aji biyu fa?

Ka amsa shi kai tsaye, takardar sakamakon tana gabansu. Ka faɗi dalili a jimla ɗaya, ba tare da ɗora wa malami laifi ba, sannan abin da ka canza da makin da ka samu da ka sake zama jarrabawar.