Ina da lasisin nas a gida, ta ina zan bi in samu na ƙasar waje?

Sista na gama makarantar nas, ina aiki, so nake in fita waje. Ta ina ake farawa?

Daga zaɓen ƙasa ɗaya, ɗaya tak. Lasisin nas ba kamar fasfo ba ne da zai shigar da ke ko'ina, kowace ƙasa da hukumarta kuma kowace hukuma da abin da take so. A Birtaniya NMC ce, a Ayalan NMBI, Ostareliya kuma ta AHPRA ake bi. Amurka ma babu lasisin ƙasa gaba ɗaya, kowace jiha da hukumarta, abin da Teksas ta karɓa ba dole Kalifoniya ta karɓa ba. Amma ko ina kika nufa abu huɗu za a duba: kina jin yaren da ake aiki da shi, takardunki na gaske ne, karatun da kika yi ya kai nasu, sannan za ki iya cin jarabawarsu.

Abin da mutane ke sakaci da shi shi ne yawancin takardun nan suna da wa'adi, kuma ba rana ɗaya suke mutuwa ba. To ki fara da wanda ya fi jan lokaci kuma ba a hannunki yake ba, wato tantance takardu, jarabawar da ke hannunki ta biyo baya.

Wai mene ne tantancewar nan da kowa ke kuka da ita? Ba sikanin satifiket kawai zan tura ba?

Ina! Da haka ne ai da ba a yi kuka ba. Ƙa'idar ita ce hukumar can ba ta yarda da takardar da ta fito daga hannunki ita kaɗai, so take ta ji daga bakin wanda ya ba ki. Ke za ki buɗe fayil, ki saka fasfo da satifiket, sai su nemi hukumar nas ta ƙasarki ta tabbatar musu kai tsaye cewa eh kina cikin rajista, ba a taɓa dakatar da ke ba, babu ƙara a kanki. In wurin da kika nufa na son tiranskirif, to makarantar ce za ta aika da kanta, ba ke za ki karɓa ki aika ba. Masu zuwa Amurka galibi ta cibiyar tantance takardu ta CGFNS suke bi, wadda ta koma TruMerit a 2025, na Kanada da yawa ta NNAS, ƙasashen Larabawa na Galf kamar Saudiyya da Daular Larabawa kuma DataFlow, su har asibitin da kika ce kin yi aiki suna tuntuɓa.

Inda fayil ya fi maƙalewa, suna. A ce satifiket ɗin makaranta na ɗauke da sunanki da na mahaifinki, lasisi an ƙara suna na tsakiya, fasfo kuma da sunan miji aka yi shi bayan aure, ga ranar haihuwa wani wuri 3/4 wani wuri 4/3. A wajenki duk ke ce, a wajen mai duba fayil mutum uku ne, kuma ba zai kira ki ya tambaya ba, ajiyewa zai yi ya turo imel ɗin da wataƙila ya faɗa wurin da ba kya dubawa. Tun kafin ki biya ko sisi ki baje takardun nan a kan tebur ki bi su harafi harafi, inda aka samu bambanci ki tanadi takardar aure ko ta rantsuwar kotu da ke haɗa sunayen.

Sai shekarun aiki. Kar ki yarda wani ya ƙara miki wata shida a wasiƙar aiki don ta cika, in an gano ba fayil ɗin kawai zai lalace ba, sunanki ne zai shiga littafinsu da tambarin yaudara, kuma fom ɗin kowace hukuma yana tambaya ko an taɓa hana ki rajista a wani wuri. Kuma in kin taɓa rajista a ƙasa biyu, duk biyun sai sun wanke ki.

Yadda za ki gane ya tsaya: shafinki na nuna ana jiran amsar makaranta ko hukuma, makonni na tafiya babu motsi. Kar ki zauna jira, ki je ofishin da lambar fayil ki tambayi wa ke riƙe da imel ɗin da aka turo wa buƙatar, sau da yawa adireshin tsoho ne babu mai buɗe shi.

Da Turanci na yi karatuna, dole sai na yi IELTS?

Yawanci eh. Akwai inda ake karɓar shaidar cewa da Turanci aka koyar da ke kuma da shi kika yi hulɗa da marasa lafiya, amma sharaɗin da tsauri, kar ki gina shirinki a kai sai kin karanta a shafin hukumar da idonki. NMC na son IELTS Academic mai maki 7 a karatu da sauraro da magana, 6.5 a rubutu, ko OET, jarabawar Turanci ta ma'aikatan lafiya, mai B a ukun farko da C+ a rubutu. Tun 2023 an yarda ki haɗa sakamako biyu in tsakaninsu bai wuce wata 12 ba, amma da sharaɗin babu ɓangaren da kika faɗi ƙasa sosai a ko wanne. Ni a ganina nas mai aiki ta fi sakewa da OET, don abin da ake ba ki wasiƙar tura mara lafiya ce da hira da majinyaci, abin da kike yi kullum. Shekara biyu sakamakon ke yi.

To jarabawar aikin fa, yaya take?

Bari mu bi ta Birtaniya daki-daki tunda kashi biyu ce. Na farko CBT, a kwamfuta a cibiyar Pearson VUE, ba sai kin je can ba. Akwai lissafin magani tambaya 15 cikin minti 30, sannan tambayoyin aiki 100 cikin awa biyu da rabi. Lissafin irin wannan ne: likita ya rubuta 750mg, a jikin kwalba 250mg ne cikin 5ml, nawa za ki auna? 750 raba 250 uku, sau 5, 15ml. Ko ruwa 1000ml cikin awa 8, wato 125ml duk awa. Ba wuya, amma garaje na sa a manta an haɗa mg da mcg a tambaya ɗaya.

Na biyu OSCE, wato gwajin aiki a aikace a gaban mai kula, shi kam sai a cikin Birtaniya. Tasha 10 ce: huɗu na bin majinyaci ɗaya daga duba shi zuwa tsara kulawa, aiwatarwa da sake dubawa, huɗu na aikin hannu, biyu kuma rubutu ne a kan ɗabi'un aiki da amfani da hujjar bincike. Nan ne tsofaffin hannu ke faɗuwa, ba don ba su iya ba sai don hannu ya riga baki. Mai kula yana tsaye da takarda, abin da bai gani ko ya ji ba, ba ki yi ba. Kin shiga, kin wanke hannu, kin faɗi sunanki, kin tambayi majinyaci sunansa da ranar haihuwa kin gwada da abin hannunsa mai ɗauke da sunansa da takardar magani, kin tambayi ko akwai maganin da ba ya karɓarsa, kin nemi izini kafin ki taɓa shi, kin karanta ranar lalacewar magani a bayyane. Wadda ta shekara goma tana allura za ta iya manta ɗaya daga cikin waɗannan ta faɗi tashar. Sau uku ake ba ki dama, tashar da kika faɗi ita za ki maimaita, in ukun suka ƙare sai kin jira wata shida.

Yanzu duba yadda wa'adi ke cin mutum. A ce wata ta ci OET a Maris 2024, CBT a Yuni 2024, sai tantancewa da neman asibitin da zai ɗauke ta suka ja ta har Janairu 2026. Turancinta zai mutu a Maris, kuma dole CBT da OSCE su kasance cikin shekara biyu da juna, wato Yuni. In ta faɗi OSCE a karon farko sai ta tsinci kanta tana sake jarabawar da ta riga ta ci, da sabon kuɗi. Da tantancewa ta fara turawa, ta ajiye OET sai fayil ya fara motsi, da ba ta shiga wannan ba.

Ta Amurka da Kanada NCLEX-RN ce, tambaya 85 zuwa 150 cikin awa biyar, kwamfutar na ƙara wuya ko sauƙi gwargwadon amsarki har ta gamsu. Tsayawa a 85 ba ya nufin kin ci ko kin faɗi, duk biyun na faruwa. In an faɗi sai an jira kwana 45.

An ce min sai na yi kwas ɗin cike giɓi, kenan satifiket ɗina bai da amfani?

Yana da amfani, gwada shi aka yi da nasu aka ga wani wuri bai cika ba. Awowi ake ƙirgawa, na aji daban na asibiti daban, a kowane fanni: manya, tiyata, haihuwa, yara, taɓin hankali. Sau da yawa ma an yi karatun, makaranta ce ta dunƙule komai ta rubuta jimla ɗaya, mai duba kuma bai ga awowin ɓangaren taɓin hankali ba sai ya ce babu. Don haka kafin ki biya kuɗin kwas ki nemi wasiƙar da ta faɗi ainihin abin da ya gaza, ki koma makaranta ki ga ko za a iya fayyace shi daga kundinsu na gaskiya. In da gaske ba a yi ba, to sai kwas.

Kuma ba iri ɗaya ba ne ko'ina. A Ayalan ko dai ki yi zaman sabo a asibiti ƙarƙashin kulawa aƙalla mako shida, ko ki yi jarabawar da kwalejin likitocin tiyata ta RCSI ke shiryawa. A Jamus ana son Jamusanci matakin B2, sannan ki zaɓa tsakanin jarabawar ilimi da kwas ɗin daidaitawa, wanda tsawonsa ya danganta da girman giɓin. Ostareliya kuwa tun 2020 ta sauya daga kwas ɗin zuwa NCLEX-RN da OSCE, don haka duk wanda ya tallata miki kwas ɗin da zai ba ki lasisin can, ki tsaya ki bincika. Kwas ɗin da sunansa ba ya cikin jerin da hukumar ta amince da shi, ko a wace jami'a aka yi shi, ba zai motsa fayil ɗinki ba.

Ejan ya ce in ba shi kuɗi zai yi min komai, in yarda?

Babu matakin da ke buƙatar ejan, duk da imel ɗinki da katin banki ake yi. In ma za ki yi amfani da shi, ke ki buɗe akawun da imel ɗinki, kar ki ba shi fasfo ko satifiket na asali ya riƙe, kuɗin hukuma kuma a shafin hukumar ake biya. Ki sani kuma lasisi daban biza daban, samun ɗaya ba samun ɗayan ba ne, Amurka ma sai an ƙara da VisaScreen, takardar tantance ma'aikatan lafiya don bizar aiki. Sannan WHO na da jerin ƙasashe 55 na 2023 masu ƙarancin ma'aikatan lafiya, Birtaniya ta hana kamfanonin ɗaukar aiki su je farautar ma'aikata a cikinsu, amma mutum shi da kansa zai iya neman gurbin da asibiti ya tallata. Kafin ki sa hannu a kwantiragi ki nemo layin da ke cewa nawa za ki mayar in kin bar aikin da wuri, da wa zai biya in aka maimaita OSCE.