Cuɗa, Cuɗa: Waƙar da Muke Wanke Hannu da Ita a Daura

A daminar 2021, lokacin da amai da gudawa ya bazu a jihohi da dama har da namu Katsina, ina cikin ma'aikatan lafiya da ke shiga gida-gida a Daura. Duk matar da na tambaya ko tana wanke hannu, sai ta ce mini, "Haba Malama, sau biyar fa nake alwala." Gaskiya ta faɗa. Amma da na ce a nuna mini da sabulu, sai in ga an shafa tafi da tafi sau biyu, an ɗauraye, an goge a zane. Kumfa ko babban yatsa bai taɓa ba.

Ana son a cuɗa hannu da kumfa na aƙalla daƙiƙa 20, domin sabulu na buƙatar lokaci kafin ya ɓamɓaro maiƙon da ƙwayoyin cuta ke manne a ciki, ruwa ya tafi da su. To wa ke tsayawa bakin makewayi da agogo? Shi ya sa na tsara waƙa irin ta gaɗa, mai bayarwa da 'yan amshi, amshin ya zame mana agogo.

Mai bayarwa ita ke faɗin lokacin:

In kin fito daga makewayi,
Ɗauko buta, ɗauko sabulu!
In kin yi wa yaro tsarki,
Ɗauko buta, ɗauko sabulu!
Kafin ki cura furar gida,
Ɗauko buta, ɗauko sabulu!
Kafin ki ba jinjiri mama,
Ɗauko buta, ɗauko sabulu!
Kafin a sa hannu a akushi,
Ɗauko buta, ɗauko sabulu!

Baiti na biyu ne ake yawan ja da ni a kansa. Iyaye mata da yawa sun ɗauka kashin jariri ba shi da illa tunda nono kawai yake sha. Yana ɗauke da ƙwayoyin gudawa kamar na babba, kuma hannun da ya wanke shi ne zai koma kan ludayi.

Idan an jiƙa hannu, sabulu ya yi kumfa, sai kowa ya ɗauki babban amshi, baki na faɗi hannu na yi:

Tafi da tafi, cuɗa, cuɗa!
Bayan hannu, cuɗa, cuɗa!
Tsakanin yatsu, cuɗa, cuɗa!
Babban yatsa, murɗa, murɗa!
Ƙarƙashin farce, sosa, sosa!
Wuyan hannu, zagaya, zagaya!

Layi shida ne. In kowane layi ya ci daƙiƙa huɗu, an sami 24, har da rara. Kalmar da ake maimaitawa ma da aikinta: "murɗa" ta farko ta dama ce, ta biyu ta hagu. Wajen farce kuwa, kan yatsu ake haɗewa a sosa tsakiyar ɗaya tafin.

Ranar da na fara gwada ta a wata Islamiyya, na kunna agogon waya. Yaran suka mayar da abin tsere, suka gama amshin cikin daƙiƙa 11. Na ce su riƙa tafi don su daidaita, sai wata 'yar aji uku ta ce, "Malama, da wane hannun?" Ni ma dariya na yi. Muka koma buga ƙafa a ƙasa, sau huɗu a kowane layi, da saurin tafiyar mai ɗauke da tulu. Da muka sake aunawa, 23 ya fito. In kin ji yara sun haɗiye "zagaya, zagaya" ya zama kalma ɗaya, sun yi sauri, a sake daga farko.

Akwai abin da waƙar ba ta gyarawa: kwanon ruwa guda da kowa ke tsoma hannu a ciki kafin cin tuwo. Na ƙarshe, wanda galibi ƙaramin yaro ne, a dattin kowa yake wanke nasa. Shi ya sa na sa buta a amshi. Ɗaya ya zuba wa ɗaya, ruwan ya faɗi ƙasa, sannan a yarfe hannu ya bushe a iska, kar a goge a riga ko tsumman madafa. Butar makewayi kuma a bar ta can, tunda ita ake kamawa bayan tsarki, a ware wata don wanke hannu.

Inda sabulu ya yi tsada, a zuba omo kimanin giram 30 a gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi, a huda murfin da ƙusa, a rataye kusa da makewayi. In shi ma babu, toka mai tsabta daga murhu ta fi ruwa zalla. A gidajen da ake haka, amshin kan koma "Ɗauko buta, ɗauko toka", kuma yana hawa karin waƙar daidai.