Ban taɓa karɓar albashi ba, nawa zan ce a biya ni?

Na gama bautar ƙasa, wani kamfani a Abuja ya kira ni intabiyu na biyu. Idan suka ce nawa nake karɓa a baya, in ce musu alawus ɗin NYSC?

Ka faɗa musu gaskiya, amma kada ka bari alawus ya zama farashinka. Naira 77,000 da gwamnati ke ba ɗan bautar ƙasa kuɗin guzuri ne, kowa shi ake ba, likita da wanda ya karanta tarihi. Haka nan Naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 a matsayin mafi ƙarancin albashi, iyaka ce ta doka ga ƙaramin ma'aikaci, ba a yanka ta don mai digiri ba. Da zarar ka ce "77,000 nake karɓa" ka yi shiru, ka ba su wurin da za su fara tayi, sai su ɗora ɗan abu a kai su ce sun kyautata maka.

Abin da za ka ce gajere ne: "Ranka ya daɗe, wannan ne aikina na farko, ba ni da albashin baya sai alawus na bautar ƙasa. Nawa kamfani ya ware wa wannan kujera?" Kusan duk kamfanin da ya tallata aiki ya riga ya san tsakanin nawa da nawa zai biya. Kada kuma ka ƙirƙiro albashin ƙarya. Takardar biya ɗaya za su nema, magana ta ƙare.

To idan suka dage sai na fara faɗin kuɗi, daga ina zan samo adadin?

Daga wuri biyu. Na farko kasuwa: ka nemi mutum uku ko huɗu da suka fara irin wannan aiki a irin wannan kamfani cikin shekara ɗaya ko biyu da suka wuce. Mutanenmu ba sa son a tambaye su albashinsu, don haka ka sauya tambayar: "Yaya, sabon ɗauka a wajenku kamar nawa ake fara ba shi?" Wannan kowa zai amsa. Ka kula da bambancin wuri da na ma'aikata, domin banki da ƙungiyar agaji da makarantar kuɗi ba farashinsu ɗaya ba, Abuja kuma ba Gusau ba ce.

Na biyu aljihunka, kuma nan ne na fi son ka zauna da biro da takarda. Mu ɗauka a Mararaba za ka zauna, ofis yana cikin gari. A misali mu ce mota zuwa da dawowa 3,000 a rana, kwana 22, ya kama 66,000. Abinci 45,000. Rabonka na hayar ɗaki 300,000 a shekara, wato 25,000 a wata. Kati da data 8,000. Abin da za ka aika gida 15,000, don kuwa ranar da aka ji ka fara aiki, Inna da ƙanne sun sa rai. Jimilla 159,000. Ka sa naka farashin na gaskiya a madadin nawa. Abin da ya fito shi ne ƙasanka, ba ka faɗa wa kowa shi, amma duk tayin da ya gaza shi kai ne za ka riƙa ciyar da aikin.

Sun ce 200,000 a wata. Ai ya wuce lissafina, in karɓa kawai?

Tsaya tukuna ka tambaya: kafin cire-cire ne ko bayansa? Yawanci adadin da ake faɗa a intabiyu na kafin cire-cire ne, kuma a nan sababbin ma'aikata ke shan mamaki ranar da saƙon banki na farko ya shigo.

Mu buga lissafin. 200,000 a wata shi ne 2,400,000 a shekara. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin ɗari daga wajen ma'aikaci, kamfani ya zuba kashi 10 daga nasa aljihun. Ana lissafa wannan a kan tushen albashi da kuɗin gida da na mota. Idan duk albashinka a cikin waɗannan uku yake, za a cire 192,000 a shekara, saura 2,208,000. Sai haraji. A dokar da ta fara aiki a Janairun 2026, 800,000 na farko babu haraji a kai, 2,200,000 da ke biye kuma kashi 15 ne. Kenan 1,408,000 za a yi wa haraji, ya kama 211,200. Abin da zai shiga asusunka kowane wata shi ne 166,400, sai dai in ka nemi rangwamen kuɗin haya da dokar ta tanada, ya ɗan ƙaru. Ka cire 159,000 ɗin nan, saura 7,400 a hannunka, ba ka yi rashin lafiya ba, ba ka ɗinka kayan Sallah ba.

Wani abin lura: wasu kamfanoni suna haɗa kashi 10 nasu na fansho da inshorar lafiya da garaɓasar ƙarshen shekara su faɗa maka adadi ɗaya mai ƙiba. Ka roƙi a rarrabe maka shi layi-layi a rubuce.

Ina tsoron in nemi ƙari su fasa ɗaukata. Ga mutane da yawa na neman aikin.

Tsoron nan ba na banza ba ne, na san yadda zaman jiran aiki yake cin rai. Amma ka duba lokacin da kake maganar. Kafin su zaɓe ka, kai ɗaya ne cikin jama'a, don haka kada ka tayar da zancen kuɗi da kanka. Bayan sun ce kai suke so, sun riga sun kashe lokaci a kanka, kuma neman ƙari sau ɗaya cikin ladabi ba kasafai yake sa a janye tayi ba. Abin da ke ɓata ciniki shi ne gadara, ko ka amince yau ka dawo gobe da sabon adadi.

Ka yi godiya, ka nemi kwana ɗaya ko biyu, sannan ka dawo da adadi guda da dalilinsa: "Ina son aikin nan ƙwarai. Bisa abin da ake biyan irinsa, da kuma cewa a bautar ƙasa ni na riƙe lissafin sito na wata goma, ina roƙon a duba 240,000." Da irin lissafin ɗazu, wannan zai bar maka kusan 197,700. Ka lura ban sa kuɗin motarka ko hidimar gida a cikin dalilin ba. Su aiki suke saye, don haka abin da ka taɓa yi da hannunka za ka nuna, ko a horon sanin makamar aiki ne, ko a shagon Baba. Bayan ka faɗa, ka yi shiru. Da yawa kunya ke sa su rage wa kansu kuɗi kafin a ba su amsa.

Idan suka ce ba ƙari fa?

Ka tambayi abin da za su iya: motar ma'aikata, abincin rana, inshorar lafiya, ko a sake duba albashin idan ka gama watannin gwaji, waɗanda galibi uku ne zuwa shida. Motar ma'aikata kaɗai, a misalinmu, tana iya mayar maka da mafi yawan 66,000 ɗin nan. Duk alkawarin da aka yi maka, a sa shi cikin takardar ɗaukar aiki da wata da adadi, domin manajan da ya ce "za mu duba" yana iya barin kamfanin kafin lokacin ya zo.

Aikin gwamnati ma ana ciniki?

A'a. Can tsarin albashi a rubuce yake, mai digiri yawanci a mataki na 8 yake farawa. Abin da za ka bincika shi ne ko an ɗora ka a matakin da takardunka suka cancanta, kuma ka yi maganar tun kafin ka sa hannu.