Mi ake nufi da "rufe lissafi" da ɗan dilibari?

Wata 'yar uwa da ta fara saida humra da turaren wuta ta waya nan Gusau ta tambaye ni wai mi ne ne rufe lissafi da taka ji muna faɗi, ai ita in yaron da ke kai mata kaya ya dawo da yamma ƙirga kuɗin kawai takai ta sa a jaka. Na ce mata to wannan ƙirga kuɗi sunansa. Rufe lissafi, wanda 'yan ofis ka kira rikonsiliyeshan, shi ne ki tabbatar duk ƙullin kayan da ya fita da safe a kan sai an kai a biya, ya dawo miki ta ɗaya daga cikin hanya uku: ko tsabar kuɗi a hannu, ko tiransifa da kin gani da idonki cikin asusu, ko kuma kayan da kansu. Maganar ɗan dilibari bayani ce kawai, ita ake gwadawa da waɗannan ukun, ba ita ake gwada su da ita ba.

Shi ya sa aikin tun da safe yake farawa. In ba a rubuta abin da ya fita ba, da yamma sai dai musu, kuma wanda ya fi baki shi ke da gaskiya. Kowane ƙulli layinsa daban a littafi: suna, unguwa, abin da ke ciki, kuɗin da za a karɓo har da na kaiwa. Wanda ya riga ya biya a rubuta masa sifili ɓaro-ɓaro, don kar a je a karɓi kuɗinsa sau biyu. Canjin da anka ba yaro shi ma a rubuta, mutane da yawa nan suke mantawa, sai da yamma su ga kuɗi sun yi rara suna murna alhali canjinsu ne ya dawo.

Bari in kawo wata Alhamis da munka yi a shagonmu. Ƙulli 9 sunka fita, Tudun Wada, Samaru, Gada Biyu har Damba, jimillar abin da za a karɓo naira 86,000, ga canji 3,000, ke nan 89,000 ke wuyan yaron. Bayan magariba ya dawo ya ce ƙulli ɗaya na 12,000 ba a samu mai shi ba waya a kashe, ga shi nan ya ajiye a kan tebur, saura 77,000. Mutum biyu sun yi tiransifa zuwa asusun shago, ɗaya 15,000 ɗaya 9,500, saura 52,500. Mai na 2,500 ya sha, da izinina. To tsabar da ya kamata ya miƙo 50,000 ce. Munka ƙirga sau biyu a gabansa, 46,000. Giɓin 4,000.

Nan ne mafi yawanmu ke ɓata abin, sai a hau yaro da faɗa, ko a ce za a cire a albashi. Ni dai littafin na jawo munka bi layi-layi, wa ya ba ka nawa. Da anka zo kan wata Hajiya ta Damba, 11,000 ke rubuce, shi ya ce 10,000 ta ba shi, wai ta kira shago an rage mata. Na juya na kalli ƙanwata, ta ce au, Yaya wallahi na manta ban gyara ba. Dubu ɗaya ta fito, kuma laifin namu ne na cikin gida. Sauran 3,000 ta ɗan ba mu wuya, sai da na ce Malam je ka zazzage akwatin mashin. Ga kwalbar humra ɗaya kwance ƙarƙashin rigar ruwansa. Matar Samaru kwalba uku ta yi oda, ta ɗauki biyu ta ce ɗayan ƙamshin bai yi mata ba, shi kuma ya rubuta "an kai" ya wuce. Dubu uku cif. Tsaba ta daidaita, yaro ya yi ajiyar zuciya.

Amma ban rufe littafi ba, don ramin gaske yana ɓangaren da kowa ya ɗauka lafiya lau ne. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 mutane sunka saba da tiransifa, yanzu mai sayen kayan dubu biyu ma sai ta ce ba ni lambar asusu. Abin da ɗan dilibari ke gani a ƙofar gida hoton rasit ne a wayar mai saye, kuma hoton rasit ba kuɗi ba ne. Na buɗe manhajar banki na duba shigar ranar, 15,000 tana nan, da sunan wani namiji ta shigo, mijin matar ne, lokacin ya yi daidai da sanda anka kai kayan. Ita ko 9,500 babu alamarta. Da a ce na tsaya kan tsaba ta cika, da na kwana ina ganin komai daidai, sai bayan sati in rasa inda kuɗin sunka shige.

Irin wannan ba a rubuta ta "an biya", kuma ba a ɗora wa yaro ita a daren. Ana buɗe mata layin abin da ke rataye, da kwanan wata da sunan mai saye, a kira ta ta turo rasit mai lambar hada-hada. Wani lokaci hanyar banki ce ta riƙe, sai ta faɗo cikin dare ko ta koma wa mai ita. Tamu komawa ta yi, washegari matar ta sake turowa. Abin da nake jan kunne a kai shi ne kar a ga wata 9,500 ta shigo a yi saurin liƙa mata, a duba suna da lokaci, kaya masu farashi ɗaya sun sha sa a wanke wanda bai biya ba da kuɗin wanda ya biya.

Idan kuma mai saye ya tura cikin asusun shi yaron, ni a wurina tsaba ce, yau zai fiddo ta, ko ya turo mini ina kallo. In ya bi ta mai POS ya cire, a san tun farko wa zai ɗauki cajin, don naira ɗari biyu-biyun nan su ke haɗuwa su zama rigima ƙarshen wata.

Akwai abu ɗaya da lissafin rana guda ba ya kamawa, sai in ana duba layin rataye kullum. Yaro ya karɓi kuɗin wata yau ya yi wata lalura da su, ya ce maka ta ce sai gobe. Gobe ya cike nata da kuɗin wata, ita kuma waccan ta zama mai "sai gobe". Kullum lissafi na fita, kullum akwai mutum ɗaya da ke rataye, sunan ne kawai ke canzawa, kuɗin kuma na ƙara girma. Maganinsa ba wuya, duk ƙullin da ba kuɗi ba kaya, a kira mai shi nan take a gaban yaron, a buɗe murya kowa ya ji: Hajiya ina wuni, kayan sun iso ko, nawa kin ba shi? Mu dokarmu ma kaya ba ya kwana waje ba kuɗi sai ni na ce a bari, da bakina.

Daren nan sai wajen tara saura munka sa hannu, ni da shi, ƙarƙashin layi uku: tsaba 46,000, kaya sun dawo na 15,000, rataye 9,500. Kwalbar humrar na mayar kan kantar shago, ƙanwata kuma na ce daga yau duk ragin da ta yi ta waya ta tura wa yaron a rubuce kafin ya isa gidan.